Lambobi nawa ya kamata in rufe a rasit? Na asusu ya fito gaba ɗaya

Bashir_Kod:
Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa wa wata ƙungiyar adashi ta 'yan kasuwa ƙaramar manhaja. Idan mutum ya zuba kuɗinsa, ko da kati ko ta taransifa, sai manhajar ta fitar da rasit da ake turawa cikin zaurensu na WhatsApp kowa ya gani. Na karanta cewa ana barin lambobi 6 na farko da 4 na ƙarshe, a rufe na tsakiya da taurari, sai na rubuta wannan:

```js
const rufe = n => n.slice(0, 6) + "******" + n.slice(-4);
```

Da lambar kati ya yi daidai. Jiya ma'ajin ƙungiyar ya kira ni, wai wata hajiya ta ga lambar asusunta tsaf a rasit. Na gwada da 0123456789, ga abin da ya fito: `012345******6789`. Taurarin suna nan, amma babu lamba ko ɗaya da ta ɓuya. Rasit kusan talatin sun riga sun shiga zauren a haka. Tambayata: ita wannan shida da huɗun ƙa'ida ce ko kwaikwayo kawai ake yi? Kuma na asusu nawa zan bari?

MaiPOS_Kwari:
Wa alaikumus salam. Ni dai shekara biyar ina POS, duk rasit ɗin da na'urata ke fitarwa shida a gaba ne, huɗu a baya, taurari a tsakiya. Tunda banki ne ya saita haka, ina ganin ita ce doka. Amma lambar asusu me ye na ɓoyewa? Tawa tana manne a jikin rumfa da manyan baƙaƙe, duk mai wucewa yana karantawa.

Injiniya_Hauwa:
Bashir, na asusun tun daga ƙirge ya lalace. Lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce tun da Babban Banki ya kawo tsarin NUBAN a 2010. Shida da huɗu kuwa goma ke nan. Ka ɗauki awon da aka yanka wa lamba 16 ka ɗora wa lamba 10, sai kan da gindin suka haɗu, taurarinka suka zama ado.

Shida da huɗun kuma ba kwaikwayo ba ne. Daga PCI DSS ta fito, ƙa'idojin da manyan kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suka shimfiɗa wa duk mai taɓa bayanan kati. Sai dai mutane suna juya ma'anarta. Abin da ta ce shi ne wannan ne iyakar abin da za a nuna wa wanda aikinsa bai buƙaci cikakkiyar lambar ba. Iyaka aka sa maka, ba umarni aka yi ka kai can ba. In huɗun ƙarshe sun ishi aikinka, ka tsaya a kansu.

Ka tambayi kanka wa zai karanta rasit ɗin nan. Hajiyar da ta biya tana son ta gane da wane kati ta biya, mai ƙarewa da 4821 ko ɗayan. Huɗu sun ishe ta. Shidan farko suna faɗin wane banki ne ya ba da katin da wane iri ne, abin da ke da amfani ga mai bin sawun kuɗin da ya maƙale tsakanin bankuna. Sauran 'yan adashi ba su da aiki da shi.

Sani_Zazzau:
Ni ban ga abin tada hankali a na katin ba. Lambobi shida ne a rufe, wato daga 000000 zuwa 999999, miliyan guda. Wa zai zauna yana cankar miliyan?

Injiniya_Hauwa:
@Sani_Zazzau ba su kai miliyan ba, Malam Sani. Lamba ta ƙarshe a kati ba haka kawai ake zaɓarta ba, lissafa ta ake yi daga sauran da dabarar Luhn, wani ma'aikacin IBM mai suna Hans Peter Luhn ne ya ƙirƙiro ta. Ana farawa daga dama, a tsallake ɗaya a ninka ɗaya sau biyu, in ninkin ya wuce 9 a cire 9, sannan a tara duka. Dole jimillar ta ƙare da sifili. An yi ta ne don a kama kuskuren bugawa, shi ya sa shafin biyan kuɗi ke ce maka lambar ba daidai ba ce tun bai tuntuɓi banki ba.

To ita wannan lamba tana cikin huɗun da muke nunawa. Duk biyar ɗin da ka canka cikin shidan da ke rufe, ta shidan guda ɗaya tak ce za ta sa lissafin ya fita. Miliyan ɗinka ya koma 100,000. Kuma ba mutum ne zai zauna yana canka ba, kwamfuta tana jero su kafin ka ƙifta ido.

Sani_Zazzau:
Na yarda da lissafin. Amma ko ya jero dubu ɗarin, ta yaya zai san wacce ce ta gaskiya? Kuma ba shi da ranar ƙarewar kati, ba shi da CVV, ba shi da PIN.

Tsohon_Banki:
Sani ya faɗi gaskiya a nan, kada mu tsorata yaron nan fiye da kima. Jerin lambobi dubu ɗari ba ya cire wa kowa kobo. Dole ɓarawo ya sami inda zai gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma bankuna suna lura da irin wannan gwajin su toshe.

Inda abin ke zama haɗari shi ne idan guntaye suka haɗu. Na yi shekaru a sashen kati kafin in yi ritaya, kuma abin da na fi gani ke nan. Rasit ya nuna shidan farko da huɗun ƙarshe. Wata takarda daga wani sashe ta nuna shidan ƙarshe. Kowanne shi kaɗai ba laifi. Ka ajiye su kusa da juna, ka sami 12 cikin 16, saura huɗu, wato 10,000, dabarar da Hauwa ta bayyana ta mayar da su 1,000. Don haka ɗana Bashir, duk salon da ka zaɓa, ya zama shi ne a rasit, shi ne a saƙon waya, shi ne a shafin ma'aji. Kada ka bar kowane shafi da nasa.

Ummi_Gombe:
Don Allah ku gafarce ni in na shigo inda ba nawa ba. Ni katina ne ya maƙale, wani ya ce in turo hotonsa ta Facebook zai taimaka min a buɗe, ya ce in sa yatsa in rufe tsakiyar lambar ba komai. In tura?

MaiPOS_Kwari:
Anti Ummi kada ki tura. Ki tafi bankinki da ƙafarki. Wanda ya ce ki rufe tsakiya yau, gobe zai kira ki ya karanto miki farkon lambar da ƙarshenta, ki ɗauka daga banki yake, sai ya ce ki cike masa sauran ki faɗa masa lambar da aka turo miki a waya. Na ga kwastomomi da dama da aka yi wa haka.

Injiniya_Hauwa:
Ki bi maganar Mai POS, 'yar'uwa. Ga kuma ranar ƙarewar katin tana fuska ɗaya da lambar a mafi yawan katuna, yatsa ba ya rufe ta. Masu shafa baƙin alƙalami a hoton waya su ma su kula, wani alƙalamin shara-shara ne, da an ƙara hasken hoton rubutun ƙasa yake fitowa.

Bashir_Kod:
Na gode ƙwarai. Kafin in ga amsoshinku na riga na sake rubutawa da daddare, don taurarin su zauna daidai inda aka cire lambobin:

```js
const rufe = n => n.replace(n.slice(6, -4), "******");
```

Yaya Hauwa ki duba min wannan.

Dan_Agadas:
Kafin ta zo, gwada shi da lambar gwaji 4242424242424242 ka gani. Tsakiyar da ka yanko `424242` ce. Shi kuma `replace` in ka ba shi rubutu, wurin farko da ya ci karo da shi yake canzawa, bai san daga ina ka yanko ba. A wannan lambar wurin farko shi ne farkon lambar. Sakamakon zai zama `******4242424242`, ka rufe shidan da kowa zai iya sani, ka buɗe goman da suka rage har da tsakiyar.

A katin gaske da wuya tsakiya ta yi daidai da wani wuri a gaba, shi ya sa irin wannan kuskuren yake daɗewa ba a gani ba. Da lambar asusu kuma ya fi muni. `slice(6, -4)` a kan lamba goma fanko zai dawo maka, sai a manna taurarin a gaba, lambar ta biyo baya cif: `******0123456789`. Kada ka nemi tsakiya don ka goge. Ka ɗauko abin da kake son nunawa kawai, ka gina sabon rubutu da shi.

Bashir_Kod:
Innalillahi. Na gwada duka biyun, haka suka fito kamar yadda ka faɗa. Allah Ya sa ban ɗora shi ba tukuna.

Injiniya_Hauwa:
Ɗan Agadas ya riga ni. Ga yadda zan yi in ni ce:

```js
function rufeKati(s) {
  const n = s.replace(/\D/g, "");
  if (n.length < 13 || n.length > 19) return "****";
  return "**** " + n.slice(-4);
}
```

Layin farko yana kwashe tazara da ɗan karan da mutane ke sa wa tsakanin lambobi, don in ba haka ba ƙirgenka zai goce. Na biyu shi ne darasin jiya: in tsawon bai yi kama da na kati ba, kada ka nuna komai. `slice(-4)` ba ya ƙorafi, in ka ba shi lamba uku zai miƙo maka ukun duka.

Kada kuma ka kafe a kan 16. Yawancin Visa da Mastercard 16 ne, American Express 15, Verve ɗinmu na nan gida akwai masu 19, kuma 'yan kasuwarka da yawa shi suke riƙe da shi. Wannan ya kawo wani tarko: ka riƙe lambar a matsayin rubutu, kada ka taɓa mayar da ita adadi. Babban adadin da JavaScript ke riƙewa ba kuskure shi ne 9007199254740991, lamba 16 ke nan. Ka zuba masa mai 19, na ƙarshen za su canza, huɗun da za ka nuna wa mai kati ba nasa ba ne. Lambar asusu mai farawa da sifili kuma sifilin zai faɗi ta koma tara.

Malama_Akanta:
Wannan na mayar da lamba adadi ya taɓa cin mu a ofis, amma a Excel. An turo mana jerin lambobi masu tsawon 16, muka buɗe, duka suka ƙare da sifili. Mun yi kwana biyu muna zargin wanda ya turo. Ashe Excel lambobi 15 kawai yake riƙewa, ta 16 ya mayar da ita 0. Sai an saita layin a matsayin `Text` kafin a zuba. Tun daga nan na ce ma me ya kawo cikakkun lambobin mutane cikin fayil ɗin da ake yawo da shi a imel.

Tsohon_Banki:
Tambayar Malama ita nake so in yi wa Bashir. Ka ce kana rufe lambar kati. Ke nan cikakkiyar lambar tana shigowa hannunka? A ina kake ajiye ta?

Bashir_Kod:
Baba, tana cikin rumbun bayanai. Sabar tana turo ta, sai shafin ya rufe kafin ya nuna.

Injiniya_Hauwa:
To nan ne babbar matsalar, ƙanena, ta fi ta rasit. In rufewar a burauza ake yi, lambar ta riga ta iso wayar ko kwamfutar mai kallo. Ya danna F12, ya buɗe `Network`, ya duba amsar da sabar ta turo, zai gan ta cikakkiya. Labule ka sa a ƙofar da ba ta da ƙyaure. Gwajin da nake yi wa kowace manhaja ke nan: in biya da lambar gwaji, sannan in nemi lambar gaba ɗayanta a amsar sabar, a fayilolin `log`, a saƙon kuskure, da fayil ɗin da ake saukewa. Sau da yawa shafin yana da tsabta, sai ka tarar wani `console.log` da aka manta yana rubuta komai.

Akwai bambanci tsakanin rufewa da yankewa. Rufewa, lambar tana nan a ajiye, ido ne kawai aka hana. Yankewa, tsakiyar an zubar da ita, ko kai mai manhajar ba ka da ita. Ƙungiyar adashi yankewa take buƙata, ko ma kada lambar ta biyo ta wurinka sam. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack suna karɓar katin a shafinsu, su dawo maka da `last4` da `bin` da wata shaida da za ka yi amfani da ita in za a sake cirar kuɗi. Ka koma wannan hanyar, ka goge waɗanda ka tara, har da kwafin ajiya. In kuma ka adana CVV, shi PCI DSS ta hana ajiye shi bayan an kammala ciniki ko da a kulle ne.

Sani_Zazzau:
In yana son ya gane kati ɗaya in ya dawo, ai sai ya yi masa SHA-256, lissafin da ke mayar da lambar wani rubutu daban, ya ajiye tare da shida da huɗun. Ba a juya shi baya.

Dan_Agadas:
Ba a juya shi, amma ba a buƙatar juyawa. Nan ne amsar tambayarka ta ɗazu, ta yaya zai san wacce ce ta gaskiya. Ka ba shi abin gwadawa da hannunka. Ya jero dubu ɗarin nan, ya yi wa kowacce SHA-256, wadda ta yi daidai da abin da ka ajiye ita ce. Ƙasa da daƙiƙa guda a kwamfutar tafi-da-gidanka, ba banki a tsakani da zai toshe shi.

Sani_Zazzau:
Wannan kam ban hango shi ba. Na janye.

Tsohon_Banki:
Wani abu da ya canza bayan zamaninmu: lambar gano banki ba lallai shida ba ce yanzu. An faɗaɗa ta zuwa 8 a ƙa'idar ISO/IEC 7812 ta 2017, Visa da Mastercard suka sa Afrilun 2022 a matsayin lokacin fara aiki da ita. PCI DSS 4.0 ma ta daina cewa shidan farko, ta ce BIN, wato lambar gano bankin, da huɗun ƙarshe. Ni raina bai kwanta da hakan ba. Takwas da huɗu a kati mai 16, huɗu suka rage a rufe, dubu ɗayan nan da na ambata ɗazu.

Injiniya_Hauwa:
Haka ne Baba, ko da yake masu goyon baya za su ce ko ba a nuna lamba ta 7 da ta 8 ba, wanda ya san bankin da irin katin zai iya cankarsu, don katunan banki ɗaya da aka fitar tare sukan yi farko iri ɗaya. Wato dubu ɗarin ma da muke faɗa, a aikace ba ta kai ba. Ni wannan hujja ce gare ni ta barin farkon gaba ɗaya a duk abin da zai fita waje. Amurka ma dokarta ta FACTA ta 2003 lambobi biyar na ƙarshe ta yarda a buga a rasit ɗin da ake miƙa wa kwastoma, ban da ranar ƙarewa.

Malama_Akanta:
To su huɗun ƙarshen fa, babu illa ko kaɗan?

Dan_Agadas:
Akwai, in wani wurin ya ɗauke su a matsayin shaidar cewa kai ne. A 2012 an kutsa wa Mat Honan, ɗan jaridar mujallar Wired, ta wannan hanyar. Maharan sun ga huɗun ƙarshen katinsa a asusunsa na Amazon, inda ake nuna su don ba a ɗauke su sirri ba, suka kai wa Apple, inda aka karɓe su tare da adireshinsa a matsayin shaida. Suka shiga suka goge masa waya da kwamfuta. A Najeriya ma akwai bankunan da ke tambayar huɗu ko shidan ƙarshen kati wajen saita USSD. Shi ya sa zan ce kada Bashir ya taɓa kaiwa shida a ƙarshe, kuma rasit mai lamba ya tafi wa mai shi kaɗai.

MaiPOS_Kwari:
Har yanzu ba wanda ya amsa min batun lambar asusu. Ina nan a kan bakana, ba sirri ba ce. Da ita ake turo maka kuɗi, ba da ita ake cirewa ba.

Ummi_Gombe:
Malam, taka ta sana'a ce, kai ka zaɓi ka manna. Tawa lambar wayata ce aka cire sifilin farko. Duk wanda ya gan ta a zaure ya sami wayata, in ya sa ta a manhajar banki kamar zai turo kuɗi kuma cikakken sunana ya fito masa. Mace ba za ta so haka a zauren da ba ta san rabin mutanen ciki ba.

Tsohon_Banki:
Ummi ta amsa fiye da yadda zan amsa. Mai POS yana da gaskiya cewa lambar ita kaɗai ba ta fitar da kuɗi, amma suna da banki da waya su ne jarin mai kiran nan na "daga bankinki muke". Game da nawa za a bari, a sanina alat ɗin bankuna kowa da salonsa. NUBAN ma lambarta ta goma lissafa ta ake yi daga lambar banki da taran farko, don haka uku a gaba uku a baya ya bar huɗu a rufe, wanda ya san bankin 1,000 ne a gabansa. Ni zan bar uku na ƙarshe kawai.

Injiniya_Hauwa:
Ni huɗu zan bari Baba, don mutane sun saba gane asusunsu da huɗu, kuma shida a rufe sun wadatar ga rasit ɗin da zai je wa mai shi. Amma in asusun lambar waya ce, kada a nuna farkon ko kaɗan. 803 ko 806 kowa ya san na layin MTN ne, nuna su bai taimaki mai asusu ba, ya dai rage wa mai canka aiki.

Bashir_Kod:
Ga inda na tsaya. Na raba aikin gida biyu, kati daban asusu daban, kowanne yana duba tsawo kafin ya nuna komai, kuma a sabar ake yankewa. Wanda zai shiga zaure suna da adadin kuɗi da kwanan wata kawai zai ɗauka, ba lamba ko ɗaya. Lambobin katin da na tara, 41 ne, zan goge su yau in koma shafin kamfanin karɓar kuɗi. Uku ko huɗun asusu zan kai wa ma'aji ya zaɓa.

Saura rasit talatin ɗin da suka riga suka fita. Wa'adin gogewa ga kowa a WhatsApp ya wuce wa mafi yawansu. In sanar da su ɗaya bayan ɗaya, ko in rubuta a zauren gaba ɗaya?

Malama_Akanta:
Ɗaya bayan ɗaya, kuma ta bakin ma'aji, tunda shi suka sani. In ka rubuta a zaure, wanda bai lura ba ma zai koma sama yana dubawa.

MaiPOS_Kwari:
Ni kuwa da a zauren zan faɗa, don kowa ya san in an kira shi da sunan banki kada ya ba da lambar da aka turo masa. Ba sai ka ambaci rasit ba.